Yadda allon ciniki ke sabunta kansa daga bayanan da ake aikawa ta waya

Allon ciniki shafi ne guda da ke nuna wa mai shago jimillar abin da aka sayar a rana, reshe bayan reshe. Hanya mafi sauƙi ta haɗa shi ita ce a buɗe fom a Google Forms, yaran shago su riƙa cika shi ta waya, amsoshin kuma su riƙa sauka a takardar Google Sheets, a shafin da manhajar ke kira Form Responses 1.

A ɗauki misalin dillalin taki da iri a yankin noman rani na Bakolori, wanda ke da rassa a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Tsarin fom

Ginshiƙin A na manhajar ne, a nan take rubuta Timestamp, wato rana da sa'ar da saƙo ya iso. Tambayoyin mai shago ne ke cika sauran: B ranar ciniki, C reshe, D kaya, E adadi, F kuɗi.

Tambayar ranar ciniki wajibi ce, domin fom ba ya tafiya sai da intanet. Idan sabis ya ɗauke a Maradun da yammacin Talata, yaro zai aika bayanin ne da safiyar Laraba, kuma ginshiƙin A zai nuna Laraba. Mutanen Zamfara sun ga tsananin wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar. Don haka littafin shago yana nan da amfaninsa, daga cikinsa ake kwafe abin da ya makara.

Sunan reshe kuwa a sa shi cikin jerin zaɓi na Dropdown. In an bar kowa ya rubuta da hannu, wani zai sa “Mafara”, wani “T/Mafara”, lissafi kuma zai ɗauke su wurare biyu.

Lissafin da ke sabunta allo

Ba a gina allo a shafin amsoshi, domin kowane saƙo sabon layi yake kutsawa, kuma ba ya gadon lissafin layin da ke samansa. Sai a buɗe wani shafi dabam, a rubuta ranar da ake so a B1, sunayen rassa a A4 zuwa A6, sannan a sa wannan a B4 a ja shi zuwa ƙasa:

```
=SUMIFS('Form Responses 1'!F:F,'Form Responses 1'!B:B,$B$1,'Form Responses 1'!C:C,A4)
```

Ma'anarsa ita ce a tara kuɗin ginshiƙin F a duk layin da ranarsa ta dace da B1, reshensa kuma ya dace da A4. An rubuta F:F ne domin ya ɗauki ginshiƙin baki ɗaya. 

Da wannan tsari babu maɓallin da ake dannawa, saƙo na sauka jimilla na canjawa. Mai son allo ya riƙa nuna cinikin yau sai ya sa `=TODAY()` a B1, ya shiga File, Settings a kwamfuta ya tabbatar agogon takardar na Legas ne, ya kuma zaɓi On change and every hour a sashen Calculation.

Yadda ake gane kuskure

A ce littattafan shago sun nuna Naira 420,000 a Mafara, 185,000 a Bakura, 240,000 a Maradun, jimilla 845,000. Allo kuma ya nuna 785,000, domin Bakura ta fito da 125,000 kacal. Giɓin 60,000 ne. Da aka duba layukan Bakura, sai aka ga yaro ya rubuta “N60,000”. Harafin nan guda ya mayar da adadin rubutu, SUMIFS kuwa tsallake rubutu yake yi ba tare da gargaɗi ba. Ido ma na iya kamawa, domin lamba tana jingina dama a cikin gida, rubutu kuma hagu.

Ana iya ɗora wa allo mai gadi:

```
=COUNTA('Form Responses 1'!F:F)-COUNT('Form Responses 1'!F:F)
```

Amsar da ta dace ita ce 1, wato kan ginshiƙin kaɗai. Duk abin da ya haura haka, akwai kuɗin da ba a lissafa ba. Maganin dindindin shi ne a kunna Response validation a tambayar kuɗi, a zaɓi Number.

Idan allo ya nuna sifili a duk rassa, galibi an haɗa lissafin ne da ginshiƙin A, wanda ke ɗauke da sa'a da minti, don haka ba ya daidai da rana zalla. Idan kuma ya zarce littafi, a nemi layuka biyu masu kaya da kuɗi iri ɗaya waɗanda ke kusa a lokaci, domin yaro kan sake aikawa idan ya yi zaton na farko bai tafi ba.

Allo yana tara abin da aka aika ne kawai. Cinikin da ba a shigar ba, ko bashin da aka rubuta a matsayin kuɗi hannu, sai an gwada jimillar da kuɗin da ke cikin akwati da na banki kafin a gano shi.