Tasarwa da kwantarwa: hanyoyi biyu na gano ƙwayayen tsutsar ciki

Kafin a duba bahaya da madubin likita, akan tattara ƙwayaye wuri guda, kuma nauyinsu ne ke zaɓar hanyar. A tasarwa, ana dama bahaya da ruwan zinki salfet mai nauyin 1.18, sai ƙwayaye marasa nauyi su taso sama: na tsutsa mai ƙugiya, da ƙunshin Jiyadiya da amiba mai haddasa atuni. Ƙwan tsargiya da na tsutsar hanta sun fi ruwan nauyi, nutsewa suke yi. Su sai kwantarwa, wato a haɗa da fomalin da etil asitet, a juya a na'ura, a duba abin da ya kwanta, ko da yake datti kan bi shi.

Don haka, idan yaron Ƙofar Gayan mai wanka a rafi yana bahaya da jini, tasarwa kaɗai ba za ta kore zargin tsargiya ba.