Yadda ake gano ainihin tsadar tura kuɗi ƙasar waje

Ladan turawa da ake rubutawa a rasit ɓangare ne kawai na abin da mai tura kuɗi ke biya. Sauran yana ɓoye cikin farashin canji, wato ratar da ke tsakanin farashin kasuwa da wanda kamfanin ya sanya.

A ɗauka dala tana naira 1,500 a kasuwa, amma kamfanin yana sayar da ita 1,600, da ladan naira 5,000. Mahaifin da ke son ɗansa ɗalibi ya karɓi dala 100 zai biya naira 165,000. A farashin kasuwa kuwa, dalar ɗarin naira 150,000 ce. Bambancin, naira 15,000, shi ne ainihin tsadar: kusan kashi 9 cikin ɗari na abin da ya biya, ninki uku na ladan da aka nuna masa.

Idan dala 1,000 ce, ladan bai motsa ba, amma ratar canji ta cinye naira 100,000. Saboda haka tallan "turawa kyauta" ba ya wa mai babban aike wani amfani. Bankin Duniya ma haɗa biyun yake yi a ma'auninsa, kuma burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne tsadar ta sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030.