Ƙimar yanzu

Ƙimar yanzu ita ce darajar da kuɗin da za a karɓa nan gaba suke da ita a yau. Ana samun ta ta hanyar rage wa kuɗin daraja gwargwadon tsawon lokacin da za a jira su, kuma wannan lissafi shi ake kira rage ƙima. Bankuna da 'yan kasuwa da gwamnatoci suna amfani da shi idan za su kwatanta kuɗi hannu da alkawarin biya daga baya. Hausawa sun daɗe da sanin ma'anarsa, shi ya sa suke cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Dalilan raguwar daraja

Dalili na farko shi ne damar juya kuɗi. Wanda ya karɓi kuɗinsa yau zai iya sayen hatsi da kaka ya ajiye, ko ya sayi rago ya yi kiwonsa zuwa Babbar Sallah. Wanda yake jiran biya kuwa ya rasa wannan riba har ranar da kuɗin za su shigo hannunsa.

Na biyu shi ne tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. Ke nan kayan da aka saya naira dubu ɗari a ƙarshen 2023 sun koma kusan naira dubu 135 bayan shekara guda.

Na uku shi ne haɗarin rashin biya. Mai bashi yana iya karyewa, ko ya ƙaura, ko ya rasu a shiga rikicin gado. Ko da farashi bai motsa ba, dalili na farko da na uku suna nan, saboda haka kuskure ne a ɗauka tsadar kaya kaɗai ke rage darajar kuɗin gobe.

Yadda ake lissafi

Ana rubuta ƙa'idar kamar haka:

```
PV = FV / (1 + r)^n
```

PV ita ce ƙimar yanzu, FV kuɗin da za a biya nan gaba, n yawan shekarun jira, r kuma ma'aunin ragi na shekara. Idan ma'aunin kashi 25 cikin ɗari ne, ana rubuta r a matsayin 0.25. Ma'aunin ragi shi ne ribar da mai kuɗin zai iya samu a shekara idan ya sa su a wata harka mai haɗari daidai da wannan.

Misali

A ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi a Dutsin-Ma yana da buhunan wake. Akwai mai saye da zai ba shi ₦1,000,000 nan take. Akwai kuma wani daga Kurfi, garin da ke kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina, wanda ya ce zai ɗauki waken ya biya ₦1,200,000 bayan shekara ɗaya. A ido, tayin na biyu ya fi da ₦200,000.

Idan ɗan kasuwar ya saba samun ribar kashi 25 cikin ɗari a shekara, sai a raba ₦1,200,000 da 1.25, a samu ₦960,000. Wannan ita ce darajar alkawarin a yau, kuma ba ta kai miliyan ɗaya ba. Karɓar kuɗi hannu ya fi masa, domin in ya juya miliyan ɗayan za ta zama ₦1,250,000 a ƙarshen shekara.

Amma idan ribar da yake samu ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba, sai a raba da 1.15, a samu kusan ₦1,043,500. A nan bashin ya fi. Tayin biyu suna yin daidai ne a kashi 20 cikin ɗari. Wannan ya nuna cewa alkawari ɗaya yana iya zama riba ga wani, asara ga wani, kuma ma'aunin da aka zaɓa shi ke yanke hukunci.

Tsawon lokaci ma yana da tasiri sosai. Idan mutumin Kurfi ya ɗaga biyan zuwa shekara biyu, za a raba da 1.25 sau biyu, wato da 1.5625, ƙimar ta faɗo zuwa ₦768,000. Idan kuma wata shida ne kawai, n za ta zama 0.5, ƙimar ta tashi zuwa kusan ₦1,073,000.

Kurakuran da aka fi yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cire kason daga kuɗin maimakon rabawa. Wanda ya cire kashi 25 cikin ɗari daga ₦1,200,000 zai samu ₦900,000. Ana gane kuskuren ta hanyar mayar da lissafin gaba: ₦900,000 sau 1.25 ya ba da ₦1,125,000, bai koma ₦1,200,000 ba. Amsar da take daidai dole ta koma adadin farko.

Wani kuskuren shi ne haɗa ma'aunin wata da yawan shekaru. Dole r da n su kasance a kan lokaci iri ɗaya. Haka kuma bai dace a yi amfani da ma'auni ɗaya ga gwamnati da mutumin da ba a san amanarsa ba. Duk inda haɗari ya ƙaru, ma'aunin ragi yana ƙaruwa.

Akwai wurin da ake cirewa da gangan. Babban Bankin Najeriya yana sayar da takardun bashin gwamnati na kwana 91 da 182 da 364 a ƙasa da kuɗin da aka rubuta a kansu. Idan aka ce ragin kashi 18 cikin ɗari ne a takardar ₦1,000,000 ta kwana 364, mai saye zai biya kusan ₦820,500. Ribarsa ta haƙiƙa a kan abin da ya biya ta kusa kashi 22 cikin ɗari, ta zarce adadin da aka sanar.

Matsayinsa a fiƙihu

Rage ƙima awo ne, ba ciniki ba ne, kuma r tana iya zama ribar kasuwanci, ba lallai kuɗin ruwa ba. Mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya da ranar biya tun wajen ƙulla ciniki. A kan wannan ne bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suke gina cinikin murabaha. Ƙara kuɗi a kan rance saboda jinkiri kuwa riba ce da aka haramta. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Katsina, an kuma hana a yi yarjejeniyar rage wa mai bashi wani abu don ya biya kafin wa'adi.

Tarihi

Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya kawo matsalolin kwatanta biya a lokuta daban-daban a littafinsa na lissafi na 1202. Simon Stevin ya buga jadawalin lissafin kuɗin ruwa a Antwerp a 1582. Masanin tattalin arziki na Amurka Irving Fisher shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar a tsarinta na zamani, musamman a littafinsa na 1930, inda ya bayyana cewa darajar kowace kadara ita ce ƙimar yanzu ta abin da za ta samar nan gaba.