Horar da Ɗaruruwan Mutane ta Intanet a Yammacin Zamfara: Nazari kan Lissafi da Tsari

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Tun daga lokacin, horar da ma'aikatan lafiya kan gane alamomin wannan guba ya zama aikin da ba ya ƙarewa, domin haƙar zinari ba ta tsaya ba. Sai dai tara mutum ɗari uku a ɗaki guda a yau yana nufin ɗora su a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Shi ya sa bita ta intanet ta samu gindin zama. Ra'ayina shi ne, mai shirya irin wannan bita a Anka ko Gummi ya kamata ya ƙirga na'urorin da za su shiga kafin ya ƙirga kawuna, sannan ya tsara ta kamar shirin rediyo, murya a gaba, hoto a baya.

Mu ɗauki misali mu bi shi. A ce ma'aikata 360 ake son horarwa daga ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 ne, kuma yana yankewa bayan minti 40. Google Meet na kyauta shi ma 100 ne, da awa guda. Kiran WhatsApp bai wuce mutum 32 ba. Amma abin da manhajar ke ƙirgawa shi ne na'ura, ko da mutum ashirin ne ke zaune gabanta. Idan aka ware cibiyoyi 12 inda sabis ke da ƙarfi, kowace da mutum 20 da kwamfuta ɗaya da lasifika, mutum 240 sun shiga da gurbi 12 kacal. Saura 120 za su shiga da wayoyinsu, a ƙara malamai da masu kula su 8, jimla gurbi 140. Wannan ya haura 100, don haka dole a sayi tsarin da ke ɗaukar 300, ko a ƙara kuɗi a faɗaɗa zuwa 500. Kada a yi ƙoƙarin matse lissafin ya tsaya daidai 100. Inda sabis ke ɗaukewa, mutum yana fita yana dawowa, kuma idan wuri ya cika kafin ya dawo, ƙofa ta rufe masa, ko da kuwa shi ne malamin da ke tsakiyar bayani.

Rajista ce ke ba da waɗannan alƙaluma, kuma a nan ake yawan kuskure. Rajistar Zoom tana aika wa kowa mahaɗinsa ta imel, alhali ma'aikaci da yawa ya buɗe imel ne ranar da ya sayi waya, bai sake leƙa shi ba. Ya fi dacewa a karɓi suna da lambar waya da wurin aiki ta hannun jami'in kowace ƙaramar hukuma, a kuma yi tambaya ɗaya mai nauyi: a cibiya za ka zauna ko da wayarka za ka shiga? Daga nan a tura mahaɗi ta zauren WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 1,024. Tun da mahaɗin WhatsApp yana yawo, a kunna Waiting Room, a sa mutum biyu su riƙa duba sunaye. A gargaɗi kowa ya rubuta sunansa da garinsa kafin ya shiga, in ba haka ba mai tsaron ƙofa zai ga jerin Tecno da itel bai san wa zai bari ba.

Dalilin cewa a bi tsarin rediyo lissafin data ne. Bisa ƙa'idar Zoom, murya kaɗai tana cin kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, wato kusan megabait 36 a awa. Nuna rubutu a allo ba tare da bidiyo ba bai fi haka ba. Bidiyon taro kuwa yana neman kilobit 600 zuwa 1,000, wato megabait 270 zuwa 450 a awa. Bitar awa uku da kyamarori a buɗe za ta iya cinye fiye da gigabait guda daga aljihun ma'aikacin da ba a ba kuɗin data ba, kuma kafin datar ta ƙare muryar malami ta fara kakkaryewa. A kashe kyamarori duka. Rubutun allo ya zama manya-manya, domin a fuskar waya za a karanta shi, malami kuma ya faɗi da baki duk abin da ya nuna.

Gwaji a yi shi kwana biyu kafin ranar, a daidai sa'ar da za a yi bitar, daga ainihin ɗakunan, domin sabis ɗin safe dabam da na yamma. Abin da ake nema a gano shi ne wane layi ke ja a kowace cibiya, da awa nawa batiri ko janareta zai riƙe. A gwajin ne kuma ake naɗa Co-host daga wani gari dabam, da wani layi dabam, yadda idan mai taro ya faɗi akwai mai riƙe ragama. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a tuna musu watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Wanda ya ga wannan ba zai rataya horo kan rana ɗaya ba.

Maganar rufe makirufo ba ta da wuya, amma sai an yi ta tun kafin a fara. A kunna Mute participants upon entry, sannan bayan an danna Mute All a cire alamar da ke kan Allow participants to unmute themselves. Idan ba a cire ta ba, mutum ɗaya da ya buɗe nasa a tasha ya isa ya cika kunnen 360 da ƙarar babur. Mai tambaya ya danna Raise Hand, mai kula ya aika masa Ask to Unmute, domin mai taro ba ya iya buɗe makirufon wani sai da yardarsa. Idan aka ji murya tana maimaita kanta ko ƙara mai tsini, kusan kullum na'urori biyu ne a ɗaki guda. Rufe makirufon ɗaya bai isa ba, tun da lasifikarta na ci gaba da zuba sauti cikin makirufon ɗayar. Dole a cire ta daga sautin taron gaba ɗaya. A tsara hutu ya faɗo kan lokacin salla, a kuma sanar da lokacin tambayoyi tun farko, kada dattijo ya ɗauka an toshe masa baki ne.

Naɗi shi ne abin da zai kai ga wanda sabis ya hana. Waya ba ta naɗa wa kanta taron Zoom, sai kwamfuta ko ma'ajiyar intanet ta masu biya. Naɗin kwamfuta kuma sai an rufe taro yake juyewa ya zama fayil, saboda haka kada a kashe ta da gaggawa. Zoom yana fitar da mp4 na bidiyo da m4a na murya. Na biyun ne mai amfani a nan: a yanka shi minti goma-goma, kowane yanki da batunsa, a tura ta WhatsApp, wanda ya samu ya ba na kusa da shi ta Xender.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanai alhakin kiyaye su, kuma a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, fayil mai ɗauke da sunan ma'aikaciyar lafiya da ƙauyenta da muryarta abu ne mai hatsari. A sanar da mahalarta cewa ana naɗi, a naɗi karatun malami kawai, a dakatar da naɗin idan an zo tambayoyi, jerin sunaye da lambobin waya kuma ya tsaya a hannun mutum ɗaya.