Kyau da muni: Al'ada ce ke yanke hukunci ko akwai tabbatacciyar ƙa'ida?

Ɗaya daga cikin tambayoyin da aka fi yi wa ɗaliban falsafa da nazarin addinai a jarrabawa ita ce: shin abin da ake kira daidai ko kuskure ya danganta ne da al'adar kowace al'umma, ko kuwa akwai ƙa'idar da ta hau kan kowa?

Masana sun kasu gida biyu kan wannan batu.

Ɓangare na farko, wato masu ra'ayin "ya danganta", na cewa kyau da muni abu ne da kowace al'umma ke ƙayyade wa kanta, kuma babu wani ma'auni da za a ɗora al'adu biyu a kai a ce wannan ta fi wannan.

Ɓangare na biyu, masu ra'ayin tabbatacciyar ƙa'ida, na cewa akwai ayyukan da munanansu ne ko da duk mutanen gari sun yarda da su, kamar azabtar da yaro don nishaɗi.

A Birtaniya, a jarrabawar nazarin addinai ta ƙarshen sakandare da ake shiga jami'a da ita, kashi 60 cikin 100 na maki yana kan nazari da auna hujjoji ne, sauran kashi 40 kuma kan sani da fahimta. Don haka ɗalibin da ya kawo ma'anar ra'ayoyin biyu kawai, ya tsaya, ya bar fiye da rabin makin a baya.

Labarin Sarki Dariyus

Misalin da littattafai suka fi farawa da shi ya fito ne daga Herodotus, marubucin tarihi ɗan ƙasar Girka wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ya ruwaito cewa Sarki Dariyus na Farisa ya kira wasu Girkawa da ke fadarsa, waɗanda ke ƙona gawa, ya tambaye su nawa za a biya su su ci naman iyayensu da suka mutu. Suka ce babu dukiyar da za ta sa su aikata haka.

Daga nan ya kira wasu mutanen Indiya da ake kira Kallatiyawa, waɗanda a cewar Herodotus cin gawar iyaye ne al'adarsu, ya tambaye su nawa za a ba su su ƙona gawar. Su ma suka yi kururuwa, suka roƙe shi da ya daina faɗin wannan mummunar magana.

Daga irin wannan labari ne masu ra'ayin "ya danganta" ke gina hujjarsu. Masaniyar al'adun ɗan Adam Ba'amurkiya, Ruth Benedict, ta kare wannan matsayi a rubuce-rubucenta na 1934, inda ta nuna cewa abin da mutane ke kira ɗabi'a ta gari shi ne abin da al'ummarsu ta saba da shi ta kuma amince.

Inda hujjar ke da rauni

Abu na farko da masu duba jarrabawa ke son gani shi ne ɗalibi ya warware hujjar daki-daki.

Matakin farko na cewa Girkawa na ganin cin gawa mummunan abu ne, Kallatiyawa kuma na ganin daidai ne. Sakamakon da aka fitar shi ne, ke nan babu gaskiya guda a kan lamarin.

Masanin falsafa Ba'amurke James Rachels ya nuna a littafinsa na 1986 cewa sakamakon bai biyo daga matakin farko ba. Matakin farko na magana ne kan abin da mutane suka yi imani da shi, sakamakon kuwa na magana kan yadda abu yake a haƙiƙa.

An daɗe ana saɓani kan abin da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro, har wasu na ɗora laifin kan gurɓatacciyar iskar fadama. Wannan saɓani bai hana a sami amsa guda ba. Mai yiwuwa ne ɓangarori biyu su saɓa, ɗaya ya yi daidai ɗaya ya yi kuskure, ko kuma duka biyun su kuskure.

To amma a nan akwai wurin da ɗalibai da dama ke zamewa. Rushewar wannan hujja bai tabbatar da cewa akwai ƙa'ida guda ba. Abin da ya nuna kawai shi ne saɓanin al'adu bai isa ya kore ta ba.

Rauni na biyu shi ne, saɓanin kansa bai kai zurfin da ake zato ba. Girkawa da Kallatiyawa duka sun firgita ne saboda dalili guda, wato suna ganin an nemi su wulaƙanta iyayensu. Sun haɗu a kan wajabcin girmama mamaci, sun rabu a kan yadda ake girmamawar.

Matsalar mai kawo gyara

Rauni na uku shi ne wanda ya fi nauyi. Idan daidai na nufin abin da al'umma ta amince da shi, to duk wanda ya tashi ya ƙalubalanci al'ummarsa mai kuskure ne tun kafin ya buɗe baki.

Majalisar dokokin Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, ta kuma zartar da dokar soke bautar kanta a akasarin yankunan da ƙasar ke mulka a 1833. Bisa ra'ayin "ya danganta", waɗanda suka fara yaƙi da cinikin a lokacin da doka da al'ada ke goyon bayansa su ne suka kauce hanya, sai daga baya da jama'a suka bi su suka zama masu gaskiya.

Haka kuma ba za a iya cewa an sami ci gaba ba, sai dai a ce an sami sauyi, domin ci gaba na buƙatar ma'aunin da ya wuce na jiya da na yau.

Ana kuma tambaya: wace al'ummar? Mutum guda na iya kasancewa ɗan wata ƙabila, mabiyin wani addini, ɗan wata ƙasa, kuma ma'aikacin wata sana'a. Idan waɗannan suka saɓa, ra'ayin bai faɗi wadda za a bi ba.

Rauni na huɗu ya shafi haƙuri da juna. Da yawa na karɓar ra'ayin ne don yana hana raina al'adun wasu. Sai dai masanin falsafa ɗan Birtaniya Bernard Williams ya nuna a 1972 cewa wanda ya ce babu ƙa'idar da ta hau kan kowa, sannan ya ce wajibi ne kowa ya ƙyale al'adar wasu, ya tuƙa ya warware, domin wannan wajibcin kansa ƙa'ida ce da ya ɗora wa kowa.

Ɗaya ɓangaren ma na shan suka

Masu ra'ayin tabbatacciyar ƙa'ida su ma ba su tsira ba. Tambaya ta farko gare su ita ce yadda ake gane ƙa'idar, da kuma wanda ke da ikon faɗinta.

Masanin falsafa John Mackie ya kawo hujjoji biyu a 1977. Ta farko ita ce, saɓanin mutane kan ɗa'a ya fi kama da bambancin yadda suke rayuwa, fiye da a ce wasu sun hango gaskiya wasu sun kasa. Ya ba da misali da aure, inda ya ce mutane kan yaba auren mace ɗaya ne saboda a cikinsa suka tashi.

Hujjarsa ta biyu ita ce, idan har akwai irin wannan ƙa'ida, to baƙon abu ne da ba ya kama da komai a duniya, tun da ba a ganinsa, ba a auna shi, amma kuma yana umartar mutum.

Suka ta biyu ita ce haɗarin mutum ya ɗauki al'adarsa ya kira ta dokar duniya. A 1947, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shirya kundin haƙƙin ɗan Adam da aka amince da shi a 1948, shugabannin ƙungiyar masana al'adun ɗan Adam ta Amirka sun yi kashedin kada kundin ya zama bayanin abubuwan da Yammacin Turai da Amirka kaɗai ke ɗauka da daraja.

Suka ta uku ita ce tsauri. A 1797 Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya dage cewa ƙarya haramun ce ko da ga mai kisan kai ne da ya zo yana tambayar inda abokinka ya ɓuya.

A nan ma masu duba jarrabawa na lura da wani kuskure da ake yawan yi. Cewa ƙa'ida tabbatacciya ce daban, cewa ba ta da togaciya daban. Masanin falsafa W. D. Ross ya nuna a 1930 cewa faɗin gaskiya da kare rai duka wajibai ne na haƙiƙa, amma idan suka ci karo ana auna wanda ya fi nauyi. Wanda ya ɓoye abokinsa bai zama mai ra'ayin "ya danganta" ba.

Daga ina ƙa'idar ta fito?

Suka ta ƙarshe ta shafi tushe. Aflatun ya kawo tambayar da har yanzu ake yi: abu na da kyau ne saboda an yi umarni da shi daga sama, ko an yi umarni da shi ne saboda yana da kyau?

Malaman tauhidi na Musulunci sun tafka makamanciyar wannan muhawara. Mu'utazilawa sun ce hankali na iya gane kyawun adalci da munin zalunci tun kafin zuwan saƙo, yayin da Ash'ariyya, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari wanda ya rayu a ƙarni na 4 bayan hijira, suka ce Shari'a ce ke tabbatar da abin da ake ba da lada ko azaba a kansa.

Duka ɓangarorin biyu dai ba su ce al'adar gari ce ma'auni ba. Wannan na nuna cewa masu tabbatacciyar ƙa'ida na iya haɗuwa kan samuwarta, su rabu kan tushenta.

Amsar da ke samun maki

A kan labarin Dariyus, amsa mai ƙarfi kan fara da nuna giɓin da ke tsakanin saɓani da rashin gaskiya, sannan ta nuna darajar da Girkawa da Kallatiyawa suka haɗu a kai.

Daga nan sai ta kawo martanin Mackie da adalci, ta auna ko yawan saɓanin ya fi dacewa da bayaninsa, kafin ta yanke hukunci tare da dalili.

Matsayin da ɗalibai da dama ke karewa shi ne cewa abubuwa kamar gaisuwa, sutura da yadda ake jana'iza na bin al'ada, amma haramcin kisa ba bisa haƙƙi ba da cin amana ba ya bin ta. Wanda ya zaɓi wannan matsayi, wajibi ne ya faɗi yadda ake gane iyakar da ke tsakanin kashi biyun, domin a nan ne tambaya ta gaba ke jiransa.