Dashbod: Haɗi kai tsaye ko kwafin bayanai, wanne ya fi nuna halin da ake ciki?

Dashbod shafi ne da ke tattara alƙaluma ya nuna su a zane da jadawali, kamar adadin yaran da aka yi wa rigakafi a kowace ƙaramar hukuma. Ta hanyoyi biyu alƙaluman ke isa shafin, kuma hanyar da aka zaɓa ce ke nuna ko abin da mai karatu ke gani na yau ne ko na makon jiya.

Hanya ta farko ita ce haɗi kai tsaye, wadda manhajar Power BI ke kira DirectQuery, Tableau kuma Live. Shafin ba ya ajiye komai; duk lokacin da aka buɗe shi sai ya aika tambaya zuwa rumbun bayanai na asali. Ta biyu ita ce ɗaukar kwafi, wato Import a Power BI ko Extract a Tableau. A nan manhajar kan kwafo bayanan ta matse su a ma'ajiyarta, ba ta komawa rumbu sai lokacin da aka tsara mata.

Kwafi ya fi sauri, domin amsa na hannu, amma yana tsufa. Lasisin Pro na Power BI na ba da damar tsara sabuntawa sau 8 a rana. Idan aka raba su daidai cikin awa 24, alƙaluman na iya yin kwantai na awa uku. Haɗi kai tsaye ba ya kwantai, sai dai yana ɗora wa rumbu nauyi, domin kowane zane na aika aƙalla tambaya ɗaya. Shafi mai zane 10 da mutum 500 suka buɗe lokaci guda zai jefa wa rumbu tambaya 5,000. Idan a wannan rumbun ma'aikata ke shigar da bayanai, aikin nasu ma zai yi tafiyar hawainiya.

A ɗauki ƙaramin asibiti a wani ƙauyen Dambatta ko Makoɗa a arewacin Kano. Ma'aikaciyar lafiya na rubuta kowace allurar rigakafi a rijistar takarda. A ƙarshen wata ake haɗa jimilla a fom, a kai hedikwatar ƙaramar hukuma, jami'in bayanai ya shigar da ita manhajar DHIS2 da Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita. Allurar da aka yi ranar 3 ga wata ba za ta isa rumbu ba sai wata mai zuwa ya kama, wato bayan mako huɗu ko fiye. Ko an haɗa dashbod kai tsaye da rumbun, ba zai nuna abin da ke kwance a rijista ba. Kwafin da ake sabuntawa kowane dare ya wadatar, domin jinkirin kwana ɗaya ba komai ba ne a kan na wata guda.

Ranar zaɓe lissafin ya sha bamban. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, sakamako na fitowa cikin 'yan awoyi, kuma kwafin da ya kwana ba shi da amfani ga mai sa ido. Amma ko a nan, shafi na jiran abin da ya shigo masa ne. Shafin IReV na hukumar INEC na nuna hoton fom EC8A da na'urar BVAS ta ɗora daga rumfar zaɓe. A ranar 25 ga Fabrairun 2023 an shafe awoyi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau ba, abin da hukumar ta danganta da tangarɗar na'ura.

Matsalar kowace hanya na da alamarta. Haɗi kai tsaye idan ya gaza, zane kan daɗe bai buɗe ba ko ya nuna saƙon kuskure, kowa ya gani. Kwafi kuwa a ɓoye yake gazawa: idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar da ke sada rumbu da intanet, sabuntawa za ta tsaya, shafin ya ci gaba da buɗewa da sauri da tsofaffin alƙaluma.

Saboda haka kafin a kafa hujja da dashbod na gwamnati, a nemi abu uku: ranar da aka sabunta shi, ranar bayanin ƙarshe da ya shiga rumbu, da adadin asibitoci ko rumfunan da suka aiko da rahoto. Idan alƙaluman rigakafin Dambatta suka faɗi warwas a wata guda, a fara duba na ukun, domin wataƙila fom ɗin wasu asibitoci ne bai iso hedikwata ba.