Teburin saurin farko da zafin Dutse

Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, yakan fara sanin hanyar saurin farko ne a matsayin lissafin raba wannan layi da wancan. A ganina, ƙarfin hanyar yana ga sharaɗin da ke bayan teburin: abu ɗaya tak ake sauyawa tsakanin gwaji biyu. Idan sharaɗin ya karye, lissafin zai fito tsaf, amsar kuwa ƙarya ce.

A ɗauki haɗuwar fasalfet da ayodayid, S₂O₈²⁻ + 2I⁻ → 2SO₄²⁻ + I₂, da alƙaluman misali. A gwaji na farko kaurin kowanne 0.040 M ne, saurin kuma 8.0 × 10⁻⁶ M/s. A na biyu aka ninka ayodayid kaɗai zuwa 0.080 M, saurin ya koma 1.6 × 10⁻⁵. A na uku aka ninka fasalfet kaɗai, aka sake samun 1.6 × 10⁻⁵. Tunda ninka kauri ya ninka sauri daidai wa daida, odar kowanne ɗaya ce, duk da 2 ɗin da ke gaban ayodayid a rubuce. Dokar saurin ke nan k[S₂O₈²⁻][I⁻], kuma idan aka raba 8.0 × 10⁻⁶ da 0.040 × 0.040, k zai fito 5.0 × 10⁻³ M⁻¹s⁻¹.

Mai suka zai ce ai ba wanda ya auna sauri a daƙiƙar farko, matsakaici kawai aka samu. Da gaskiyarsa, amma giɓin ƙarami ne. Ana zuba ɗan tayosalfet da sitaci, a riƙe agogo har ruwan ya yi shuɗi. Tayosalfet 0.0010 M yana ƙarewa ne bayan fasalfet 0.0005 M ya tafi, wajen daƙiƙa 62 a gwajin farko, lokacin da abin da aka ci bai kai kashi biyu cikin ɗari ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta zafi, domin k kansa yana hawa da shi. Ga haɗuwa irin wannan, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka sauri, kuma a Dutse tazarar sanyin safiya da zafin azahar takan wuce haka. A ce an yi gwajin farko da hantsi, aka bar na biyu sai da kwalabe suka ɗumama. Saurin zai iya ninkuwa huɗu, ɗalibi ya rubuta oda biyu, ya kuma gamsu saboda ta dace da 2I⁻. Maganin shi ne a ajiye kwalaben cikin bahon ruwa ɗaya, a rubuta zafin kowane gwaji a teburin, a kuma maimaita gwajin farko a ƙarshen zama. Idan lokacin shuɗin ya ragu sosai a maimaicin, a watsar da teburin a sake.